Yadda Ake Lissafin Aiki Daga Ranar Ƙaddamarwa Zuwa Baya

Idan an riga an tsayar maka da ranar da manhajarka za ta fito, abin da ya kamata ka fara ganowa shi ne ranar ƙarshe da za ka iya fara aiki ba tare da ka makara ba. Ana samun wannan rana ne ta hanyar farawa daga ranar ƙaddamarwa, ana cire kwanakin kowane aiki ɗaya bayan ɗaya.

A ce wata makaranta ta ba ka aikin manhajar duba sakamako, kuma dole ta hau Play Store ranar 1 ga Disamba, 2025. Idan asusunka na kanka ne kuma sabo, Google na buƙatar mutum 12 su gwada manhajar kwana 14 a jere kafin ka nemi izinin sake ta ga kowa.

To, mu koma baya. Ware kwana 3 saboda tsautsayi, kamar rashin wuta ko lalacewar kwamfuta, ka dawo 28 ga Nuwamba. Cire kwana 7 na tantancewar ƙarshe, ya zama 21 ga Nuwamba. Cire wasu 7 na jiran izini, 14 ga Nuwamba ke nan. Gwajin kwana 14 zai mayar da kai 31 ga Oktoba. Shi ma kwafin gwajin sai an tantance shi, don haka cire 7. Ke nan dole ka gama gina manhajar ranar 24 ga Oktoba.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. A ce ginin zai ci kwana 20 na aiki. Idan ka cire 20 kai tsaye, za ka samu 4 ga Oktoba, alhali ba ka aiki Asabar da Lahadi. Buɗe Google Sheets a wayarka ka rubuta:

```
=WORKDAY(DATE(2025,10,24),-20)
```

Amsar ita ce 26 ga Satumba. Bambancin kwana 8 ne. Idan kuma za ka huta ranar 1 ga Oktoba, sai ka ƙara komawa baya da kwana ɗaya, zuwa 25 ga Satumba.

Ka lura, ana cire ayyukan da ke jiran juna ne kawai. Idan wani ne zai zana maka tambari cikin kwana 4 kai kuma kana kan gini, ba zai shiga wannan lissafi ba, in dai ya kawo kafin 24 ga Oktoba.

Idan lissafi ya nuna ranar farawa ta riga ta wuce fa? Kwana 14 na gwaji ba ya raguwa, jiran tantancewa ma ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne kwana 20 ɗin nan. Ko dai ka cire wani sashe, kamar biyan kuɗin makaranta, ka bar shi sai fitowa ta gaba, ko kuma ka sanar da mai aiki tun yau cewa 1 ga Disamba ba za ta yiwu ba.