Shawarwari ga mai shiru-shiru da zai je taron sana'a: hira uku ta wadatar

A kusan kowane gida akwai wanda Allah ya yi shi ba mai son hayaniya ba. Ya iya aikinsa, yana da fara'a in an zauna da shi su biyu, amma da zarar ya shiga taro sai ƙarfinsa ya riƙa tsiyayewa, kafin La'asar ya ƙagu ya koma gida. Irinsa ne ake turawa taron ƙungiyar ma'aikata ko kasuwar baje koli da nasihar "ka saki jiki ka san mutane", sai ya dawo da tarin katunan da bai tuna fuskar masu su ba, ko kuma ya dawo hannu rabbana. Shawarata ita ce ya daina ƙoƙarin sanin kowa, ya nufi hira uku ta gaske. Zan yi misali da Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kano, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta KACCIMA ke shiryawa a filin da ke titin Gidan Zoo wajajen ƙarshen shekara, kuma mu ɗauka mai zuwan wata mai sana'ar yaji ce da ke dakawa a gida tana ƙullawa a leda.

1. A bar gida da tambayoyi uku a rubuce.

Wanda ya je taro da niyyar "sanin mutane" kawai ba zai san lokacin da ya gama ba, don haka duk abin da ya yi zai ga bai isa ba. Tambaya kuwa tana da ƙarshe, ko an amsa ta ko ba a amsa ba. Mai yajin nan ta zauna da dare ta duba abin da ya tsaye mata a sana'ar. Na farko, yajinta yana dunƙulewa a leda bayan 'yan makonni, musamman da damina. Na biyu, manyan kantuna sun ƙi karɓa saboda ba ta da lambar NAFDAC. Na uku, ba ta san yadda ake biyan masu kai kaya kanti ba, ko nan take ne ko sai an sayar. Kowace tambaya ta riga ta nuna mata wanda za ta nema: mai sayar da ledar ƙulli da injin liƙewa, jami'in hukuma, da wata mai irin sana'arta da ta riga ta shiga kantuna. Wannan ta ukun ce aka fi mantawa da ita, alhali sau da yawa ta fi sauran amfani, domin ita ce ta taka hanyar ba da jimawa ba kuma tana tune da inda ta yi tuntuɓe.

2. A zaɓi lokacin da mutane ke da sararin sauraro.

Ranar buɗewa ta manyan baƙi ce da jawabai da masu ɗaukar hoto. Yammaci da ƙarshen mako na iyalai ne da masu sayayya, ga amon lasifika ta ko'ina, mai rumfa ba ya iya ba ka minti biyu. Tunda baje kolin yakan ɗauki kwanaki da dama, a je ranar aiki da hantsi, lokacin da masu rumfuna suka gama shirya kaya suna zaune suna jiran wanda zai tanka musu. In taron na cikin zaure ne, irin na likitoci ko malamai ko injiniyoyi, kada a bi ayarin da ke rufe mai jawabi da zarar ya sauko. Layin karɓar abinci, da wajen alwala, da bakin masallaci bayan Azahar sun fi, domin a nan mutane suke ɗai-ɗai kuma gaisawa dole ce.

3. Bayan gaisuwa, a bar kaya su buɗe maganar.

Al'adarmu ta riga ta sauƙaƙa wa mai shiru-shiru mafarin zance. Sallama, ina kwana, ya kasuwa, ya jama'a, duk a shirye suke ba sai an ƙirƙiro ba. Inda ake maƙalewa shi ne abin da zai biyo bayan "lafiya lau". A nan ne ƙullin yaji biyu a jaka ke aiki, ɗaya sabo, ɗaya wanda ya dunƙule. Ta miƙa wa mai ledar na biyun:

"Alhaji, don Allah duba min wannan. Me ka ga ya sa yake dunƙulewa haka?"

Mutum kaɗan ne za a nemi saninsa a kan abin da ya ƙware ya ƙi magana. Zai juya ledar, ya matsa ta ya ji ko iska na fita ta bakin liƙin, ya tambaye ta da me take liƙewa.

"Da kyandir, ranka ya daɗe."

"To Hajiya, ga matsalar nan. Ledar ta yi shara-shara, liƙin kuma bai kama ba. Kina sa gishiri da dunƙule a ciki?"

"Ina sawa."

"Su ne ke jan danshi. In barkonon ma bai bushe ƙayau ba kafin daka, ko wace leda aka sa sai ya dunƙule."

Daga nan aikinta shi ne ta ɗora tambaya a kan amsar da ya bayar, kada ta tsallaka zuwa wani batu. Wace leda ce ta dace da garin da ke da gishiri? Nawa ne mafi ƙarancin abin da yake sayarwa? Injin liƙewa na hannu zai iya da leda mai kauri? A nan mai shiru-shiru ya fi mai surutu, domin shi da ma sauraro ne halinsa, ba ya cikin shirya abin da zai faɗa yayin da ake yi masa bayani. Sai dai ta tanadi jimla biyu game da kanta tun daga gida, saboda za a tambaye ta: me take yi, a wace unguwa, kamar nawa take fitarwa a mako. In ta yi ta tambaya ba ta faɗi komai nata ba, hirar za ta koma kamar tuhuma, mutumin ya fara tsargawa ko leƙen asiri ta zo yi.

4. A iya bambanta hirar gaske da ta kara.

Mu mutane ne masu kara, ba kasafai wani zai ce maka ba shi da lokacinka ba. Zai ce "Allah ya sa albarka", ya ce "za mu yi magana", idonsa na kan wanda ke bayanka. Wannan sallama ce cikin mutunci, a karɓe ta haka a yi gaba, kuma kada a ƙirga ta cikin ukun. Hirar gaske tana da alamu: ya mayar maka da tambaya, ya ambaci farashi ko rana ko sunan wuri, ya ɗauko wani abu daga ƙarƙashin tebur ya nuna maka, ko ya ce ka je wajen wane ka ce shi ya turo ka.

Akwai kuma wanda ke son taimakawa amma ba shi da ta cewa, kamar yaron da aka ɗauka don tsaron rumfa na kwanakin baje kolin. Kada a raina shi, a tambaye shi wanda ya kamata a gani da lokacin da yake zuwa. A rumfar hukuma, mai yajin ta nemi a jera mata matakan tana rubutawa, tun daga rajistar sana'a a hukumar CAC, zuwa duba wurin da ake haɗa kayan, da gwajin samfurin a ɗakin bincike. Duk wanda ya ja ta gefe ya ce ta kawo kuɗi a hannu zai fito mata da lamba cikin kwana biyu, ta yi masa godiya ta wuce.

5. A rufe hirar da kai, sannan a huta.

Minti goma zuwa sha biyar sun isa. Tun hirar tana da daɗi a ce, "Na gode ƙwarai, kada in tsare ka da kasuwa. Zan iya turo maka saƙo in na gwada?" Sai a karɓi lamba. Daga nan a nemi inuwa, a sha ruwa, a rubuta sunansa da abin da ya faɗa da abin da aka yi alkawari, tun bai gauraya da na wani ba. Hutun nan na minti ashirin shi ne zai sa hira ta biyu ta yiwu.

A wannan zaman ne zuciya za ta fara sake-sake: na yi in-ina, na tsare shi, ya ga ban waye ba. Wani bincike da Erica Boothby da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya gano cewa bayan hira da baƙo, mutane kan ɗauka abokin hirar bai ji daɗinsu ba kamar yadda ya ji a zahiri, kuma tazarar ta fi faɗi ga masu jin kunya. Don haka hukuncin da mutum ya yanke wa kansa a wannan zaman ba abin dogaro ba ne.

6. Ɗan rakiya ya san iyakarsa.

Zuwa da miji ko ƙanwa ko ɗa yana rage fargaba, amma in ɗan rakiyar mai baki ne, shi zai ƙwace zancen, a tashi mai ledar ya san shi bai san mai sana'ar ba. A yi yarjejeniya tun a hanya: ya gaisa, ya gabatar, ya ja baya. Mutanen gida kuma, in ta dawo ta shige ɗaki ta yi shiru, ba fushi take ba. A bar ta ta huta, labari ya zo da safe.

7. A aika saƙo kafin kwana biyu su wuce.

Mai rumfa yana ganin fuskoki da yawa a yini, bayan mako guda "mai yaji" ba za ta tuna masa kowa ba. Abin daɗin shi ne rubutu ya fi wa mai shiru-shiru sauƙi a kan kira. Amma kada a tura sallama tsurarta a WhatsApp a zauna jiran amsa, irin wannan saƙon shi ake bari sai an samu sarari, sararin kuma ba ya zuwa. A haɗa komai wuri guda: "Salamu alaikum Alhaji. Ni ce wadda ta nuna maka yajin da ya dunƙule ranar Talata da safe. Na ƙara shanya barkonon kamar yadda ka ce. Don Allah nawa ne kuɗin ledar mai kauri da ka nuna min, kuma ina shagonku yake?" In shiru ya biyo baya, a sake tuntuɓa sau ɗaya bayan mako guda, daga nan a haƙura. Ba lallai ne duka ukun su ɗore ba, kuma ko ɗaya ta zama hulɗa ta shekaru, kuɗin mota ya fita.

Wannan dabara ta mai neman ilimi da hanya ce. Wanda ya biya kuɗin rumfa don ya sayar da kaya, hira uku ba za ta mayar masa da jarinsa ba. In shi mai shiru-shiru ne, ya ɗauko wani mai baki daga gida ya tsaya gaban rumfa yana tarbar jama'a, shi kuma ya zauna ciki, a riƙa turo masa masu tambayar sari.