Keke na Gudu, Aljihu Babu Komai

Ɗana, na ji kana shirin buɗe naka shagon ɗinki. Allah Ya sa albarka. Kafin ka kama haya, zauna mu duba lissafin wani shago tare. Mu ajiye shi a nan Kahu, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Lambobin da zan ba ka na misali ne, na zaɓi masu sauƙin lissafi. In ka koma gida sai ka sa na kasuwarka a gurbinsu.

Telan nan gwani ne. Hannunsa na da kyau, ba ya cin yadin mutane. Yana da keken ƙafa biyu, da keken aiki ɗaya mai buƙatar wuta, da yara biyu. A watan azumi ba ya barci, janareto na kuka har sahur. Amma da damina ta faɗi sai ka gan shi yana neman rancen kuɗin taki. Mutane na cewa kuɗin Sallah ba ya albarka. Shi ma ya fara yarda da haka. Ni kuwa na ce a kawo takarda da biro.

Yana ɗinka riga da wando a kan naira 5,000. Ka tambaye shi inda ya samo wannan farashi, zai ce haka teloli ke karɓa a Rano. Bai taɓa tambayar kansa nawa ɗinkin ya ci masa ba.

To, mu tambaya masa. Akwai kuɗin da ke fita duk sa'ad da aka yanka yadi. Zare, maɓalli da gam na wuya, naira 700. Fetur na aikin wuya da gawayin guga, 500. Kason yaron da ya haɗa ɗinkin, 1,500. Ka ga 2,700 sun tafi. Abin da ya rage a hannu 2,300 ne.

Wannan 2,300 ita yake kira riba. Nan ne ƙafarsa ta zame, kuma ban ga laifinsa ba, don haka ya tarar maigidansa na yi. Akwai wasu kuɗin da ba ruwansu da ko an yi ɗinki ko ba a yi ba. Hayar shago na tafiya. Yara za su ci abincin rana. Allura na karyewa, keke na son mai da mai gyara. Akwai kuɗin mota zuwa Kano sayen kayan ɗinki, akwai katin waya. Sannan keken kansa yana tsufa, ɗana. Keken da aka saya 240,000, in zai yi shekara biyar, kowane wata yana cin 4,000 ba tare da ka ga fitarsu ba. Ranar da ya tsaya ne za ka tuna. Mu ce duk waɗannan sun kama 40,000 a wata.

Saura abu ɗaya da teloli ke jin nauyin rubutawa, wato ladan maigidan kansa. Shi ke awo, shi ke yanka, shi ke yin aikin wuya. Da a shagon wani yake, ai biyansa za a yi. A shekarar 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya a kan naira 70,000. Mu ba shi wannan kawai, ko da yake gwanintarsa ta fi haka. Ke nan shagon na buƙatar 110,000 kowane wata, wato 1,320,000 a shekara, kuma daga cikin 2,300 ɗin nan za su fito.

Yanzu mu ƙirga aikinsa na shekara, kada mu ƙirga na azumi kaɗai. A watannin Sallah biyu yana fitar da ɗinki 90 kowanne. Da kaka, lokacin da aka sayar da amfanin gona aka shiga bukukuwa, yana samun 50 a wata har wata uku. Sauran wata bakwai, da ƙyar ya kai 20, don kuɗin mutanenmu na gona. Jimla 470. Ka ninka da 2,300, za ka sami 1,081,000. Giɓin 239,000 ke nan, tun kafin kowa ya ci masa bashi.

Kuma ana cin bashin. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A gari irin namu mai kawo ɗinki ɗan'uwa ne, ko suruki, ko abokin sahun masallaci. Zai ce a ba shi kayan ya je Idi, bayan Sallah zai kawo. Ba mugunta ce a ransa ba, hidima ce ta sha kansa. In ɗinki 30 suka tafi haka, 150,000 sun bi su, alhali zarensu da fetur ɗinsu da kason yaro duk an biya daga aljihun tela.

Ka san abin da ya ɓoye masa ramin? Kafin alƙalami. Ana ba shi kuɗin ɗinkin gobe, sai ya toshe ɓarakar jiya da su. Aljihu bai taɓa bushewa sarai ba, don haka bai ji zafin faɗuwa ba. Alamar wannan ciwo a fili take. Duk telan da sai ya karɓi kuɗin sabon ɗinki kafin ya sayi zaren wanda aka kawo makon jiya, ya riga ya ci jarinsa. Daga nan saɓa alkawari ke farawa, alhali alkawari kaya ne.

Ka tuna kuma da 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai. Litar fetur da ke wajen naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Darajar naira ta faɗi a bayan haka, kayan ɗinkin da ake shigowa da su suka tashi. Mai sayar da shadda a Kantin Kwari ba ya kwana da tsohon farashi. Tela kuwa sai ya yi wata da watanni yana jin kunyar ƙara ɗari biyar.

Da zai raba buƙatar shekara a kan ɗinki 470, kowanne zai ɗauki kusan 2,800. Ka haɗa da 2,700 na farko, ka ga 5,500 ne farashin da babu riba babu faɗuwa, in kowa ya biya. In ya kai shi 6,000, abin da ke saura a kowane ɗinki ya zama 3,300, kuma ɗinki 400 sun isa su riƙe shagon shekara guda.

Ga abin da nake so ka zauna da abokan sana'arka ku tattauna. In ya ƙara farashin, wasu za su koma wani shagon. A lissafinmu zai iya rasa ɗinki 70 bai faɗi ba. Kana ganin waɗanda za su tafi sun kai haka? Su wa za su fara tafiya, masu biya nan take ko masu cewa sai bayan Sallah? Ni dai ina ganin mai son hannunsa zai yi ƙorafi ya zauna.

Sai batun damina. Wani ya kawo ɗinkin kayan makaranta guda 40, ya ce 4,000 zai biya kowanne, kuma a ce kuɗin da ke fita a kansu 2,700 ɗin nan ne. Farashin bai kai 5,500 ba, amma keke a zaune yake, haya kuma na tafiya. Ya karɓa ko ya ƙi? In a goman ƙarshe na azumi aka kawo wannan tayin fa, amsar ɗaya ce?

Ka duba kuma wanda ya kawo yadi saura kwana uku Sallah. Dare za a raba a kansa, a ƙona fetur, a jinkirta na wanda ya kawo tun watan Sha'aban. Daidai ne su biya kuɗi ɗaya?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai nauyi, na sani. Kawunka ya aiko da shadda, bai yi maganar kuɗi ba, kai ma ba za ka iya yi ba. Ɗinka masa, zumunci ya cancanci haka. Amma 2,700 ɗin da suka fita, a ina za ka rubuta su, a littafin shago ko a cikin naka albashin? Kuma irin wannan ɗinki guda nawa shagonka zai iya ɗauka a shekara?