Darasi: Yadda Ake Hidimar Tebur a Gidan Abinci

Jama'a, da yawa cikin matasanmu na neman aiki a gidajen abinci na cikin gari. Mun lura sau tari ba rashin ƙoƙari ke korar sabon sabis ba, rikicewar oda da lissafi ne. Ga yadda za a kauce musu.

Da baƙi sun zauna, a je da sallama: "Sannunku da zuwa." A kawo ruwan wanke hannu da na sha. Abin da ya ƙare a kicin a faɗa tun farko.

Kada a dogara da ƙwaƙwalwa, a rubuta. A ce mutum uku ne a tebur na 4. A ba kowa lamba daga hannun dama: 1, shinkafa da miya, 2, tuwo miyar kuka, 3, shinkafa ba yaji. A maimaita musu kafin a tafi. Mai girki ma a nanata masa "ba yaji", domin nan kuskure ya fi faruwa.

A fara ajiye wa babba. A miƙa da hannun dama, yatsa kuma kada ya taɓa abinci ko bakin kofi.

Kada a kwashe faranti wani na ci, kamar kora ce. In an gama, a tambaya: "In ɗauke?"

Lissafi sai an nema. A duba shi da takardar oda, har lemon da aka ƙara daga baya, domin abin da aka manta sau da yawa daga albashin sabis ake cirewa. A ƙirga kuɗi da canji a gaban mai biya, sannan a yi godiya.