Darasi na 12: Yadda Harsuna Ke Ƙirga

Ka daɗe da koyon ƙirga da Hausa. Yanzu sai ka lura da yadda aka gina lambobin. Daga ɗaya zuwa goma, kowace lamba tana da sunanta. Bayan goma kuwa, sai a fara ƙari: goma sha ɗaya, goma sha biyu, har zuwa goma sha tara. Wannan yana nuna cewa Hausa tana tara abubuwa goma-goma. Irin wannan tsari shi ake kira tushen goma, kuma ana danganta shi da yatsun hannu guda goma.

Kalmomin ashirin, talatin, arba'in, har zuwa casa'in, an aro su ne daga Larabci. A tsohuwar ƙirga, Bahaushe yakan ce gomiya biyu maimakon ashirin, gomiya uku maimakon talatin. A nan tushen goma ya fito fili. Haka kuma Hausa takan yi ragi idan an kusa cika goma. Kana iya cewa goma sha tara, kana kuma iya cewa ashirin ba ɗaya.

Tushen Ashirin

Wasu harsuna suna tara abubuwa ashirin-ashirin, wato adadin yatsun hannu da na ƙafa. Yarbanci misali ne mai kyau. Ashirin ita ce ogun. Arba'in ita ce ogoji, ma'ana ashirin sau biyu. Sittin ita ce ogota, ashirin sau uku. Tamanin ita ce ogorin, ashirin sau huɗu. A tsohuwar ƙirgar Ibo ma haka abin yake: ogu ita ce 20, nnu kuma ita ce 400, wato ashirin sau ashirin.

Bari mu ɗauki lamba 75, mu ga yadda kowane harshe yake isa gare ta:

Hausa: saba'in da biyar, wato (10 × 7) + 5
Tsohuwar ƙirgar Ibo: ogu ato na iri na ise, wato (20 × 3) + 10 + 5
Yarbanci: marundinlogorin, wato (20 × 4) − 5

Adadin ɗaya ne, amma hanyoyin uku ne. Hausa da Ibo sun tsaya a ƙasa da lambar, suka yi ƙari. Yarbanci ya wuce ta zuwa tamanin, sannan ya rage biyar.

A nan ne mai koyo yakan yi kuskure. Hamsin da Yarbanci ita ce adota. Wanda ya ji ƙarshen kalmar ya yi kama da eta, wato uku, zai iya zaton talatin ake nufi. Ba haka ba ne. Ukun nan ashirin take ƙirgawa, ba goma ba. Ashirin sau uku sittin ke nan, a rage goma, saura hamsin. Saboda haka, kafin ka fassara lamba, ka fara gano abin da ake ninkawa.

Ƙirga da Sassan Jiki

Mutanen Oksapmin na ƙasar Papua New Guinea suna ƙirga da wurare 27 a jiki. Mai ƙirga yana farawa da babban yatsa, ya bi yatsu biyar na hannu ɗaya. Wuyan hannu shi ne 6, gwiwar hannu 8, kafaɗa 10, kunne 12, ido 13. Hanci shi ne 14, kuma shi ne tsakiya. Daga nan sai a gangara ta ɗaya gefen: ɗaya idon 15, ɗaya kunnen 16, har a kai ƙaramin yatsa na ɗaya hannun, wato 27.

Sunan gaɓar shi ne sunan lambar. Don haka dole ne a bambanta gefen farko da na biyu, domin kunne yana iya zama 12 ko 16. Wanda bai lura da gefen da aka nuna ba, zai yi kuskuren huɗu. Tsarin ya dace da ƙirga abubuwa ɗaya bayan ɗaya, amma idan adadi ya wuce 27, sai an sake zagayawa.

Sababbin Kalmomi

tushe: inda abu ya kafu
ragi: cire wani abu daga adadi
ninkawa: maimaita adadi sau da yawa
gaɓa: sashe na jiki

Tambayoyi

1. Wace lamba ce talatin ba biyu?
2. Me ya sa adota take nufin 50?
3. A ƙirgar Oksapmin, idan kafaɗar farko ita ce 10, wace lamba ce ɗaya kafaɗar?
4. Rubuta 35 da 90 da harshenka. Goma ake ninkawa ko ashirin? Ƙari ake yi ko ragi? Bayyana amsarka da Hausa.