Ƙunshi ɗaya, suna huɗu: gyara takardun tallarku kafin damina

Aikina shi ne rubuta takardun talla wa masu sayar da kayan noma, kuma bana wani kamfani da ke ba manoman Ɗanbatta taki da iri bashi ya kira ni saboda rigima ta yi yawa tsakanin wakilansa da manoma.

Na ce a tara mini duk abin da ke ɗauke da sunan kayansu. Sai ga ƙunshi ɗaya da suna huɗu. A fosta Gwal ne, a sanarwar rediyo babban ƙunshi, a rasit lamba biyu, wakili kuma a kasuwar Lahadi yana cewa na kadada ɗaya. Wace kadadar? Wani eka yake nufi, wani hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Babbar matsalar tana cikin buhu. Tsohuwar fostar da har yanzu ke manne a shaguna ta ce Gwal buhu huɗu ne na kamfa 15-15-15. Sabuwar takarda ta ce buhu uku ne na 20-10-10. Lambobin nan kaso ne cikin ɗari na naitirojin, fosfet da fotash. A buhu mai kilo 50, na farko yana da naitirojin kilo 7.5, na biyu kilo 10, don haka a duka ƙunshin biyu kilo 30 ake samu. Amma fosfet da fotash sun sauko daga kilo 30 zuwa 15 kowanne. Kaya sun canza, suna bai canza ba. Manomi ya ƙirga buhu uku, sai ya ce wa wakili, "Malam, ina ɗayan?" Yana da gaskiya, shi ma wakilin bai ci komai ba.

Ga yadda muka gyara. Muka ja layi a takarda, kowane ƙunshi da abin da ke cikinsa: irin taki, yawan buhu, kilon iri, faɗin gona, kuɗi da ranar biya. Duk biyun da kayansu ɗaya muka haɗe su, duk wanda kayansa suka bambanta muka ba shi suna daban. Sunan kuwa daga amfanin gona da faɗinta ya fito, kamar Masara eka ɗaya, ko Shinkafar rani eka ɗaya ga masu noma a Dam ɗin Tomas. Tsohon suna ya zauna a ƙasa da ƙananan baƙaƙe na shekara guda, domin masu tsohon rasit da ba su gama biya ba.

Kafin a kai wa mai ɗab'i, mun karanta wa manoma sunayen da baki, tunda da yawa a rediyo za su ji. Idan mutum bai iya faɗin wanne ya fi girma ba, sunan bai yi ba.

'Yan'uwa dillalai, ku sauya fosta, rasit da sanarwar rediyo a mako ɗaya, kuma ku bi shaguna ku ciro tsofaffin da hannunku.