Yadda Malamin Sakandare Zai Rubuta Wasiƙar Neman Aikin Horar da Ma'aikata

A Maiduguri, bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji kan nemi jami'in horar da ma'aikata, kuma malaman sakandare na cikin masu tura takardunsu. Matsalar da ke yawan kayar da su tana cikin wasiƙar da ke rakiyar takardun. Malami zai cika shafi da labarin shekarun da ya yi yana koyarwa da irin son da yake wa ilimi, alhali mai tantancewa yana riƙe da sanarwar aikin a hannu, yana neman inda aka amsa abin da ya tambaya.

Saboda haka aikin farko a kan sanarwar yake. Malami ya buga ta a takarda, ya ɗauki biro, ya ja layi ƙarƙashin kowane aiki da aka ce jami'in zai yi. A ɗauki misalin wata malamar lissafi da ta shekara tara a makarantar gwamnati, ta ga wani ƙaramin banki yana neman wanda zai horar da ma'aikatansa da wakilansa masu POS a Borno. Sanarwar ta lissafa ayyuka biyar: gano inda ma'aikata ke da rauni, shirya kayan horo, gabatar da horon da Turanci da harsunan gida, auna ko horon ya yi amfani, da kuma rubuta rahoton wata-wata. Abin da aka sa a farko, ko aka maimaita sau biyu, yawanci shi ne ya fi damun mai aikin.

Daga nan sai ta raba farar takarda gida biyu. A hagu ayyukan nan biyar, a dama abin da ta taɓa yi da hannunta wanda ya dace da kowanne. A nan ya kamata a ɓata lokaci, domin malamai da yawa ba su san darajar abin da suke yi kullum ba. Lokacin da ta duba sakamakon jarrabawar gwaji ta ’yan aji shida, ta gano cewa a lissafin riba da kaso suka fi faɗuwa, ta ware musu darasin Asabar, ai gano rauni ta yi. Tsarin darasin zango da take rubutawa shirya kayan horo ne. Gwajin da take yi kafin darasi da bayansa shi ne aunawa.

Amma akwai hujjar da ta fi waɗannan duka nauyi, wato duk inda ta taɓa koyar da manya. Tambayar da ke zuciyar mai ɗaukar aiki ita ce ko wadda ta saba da yara za ta iya tsayawa gaban magidanci mai shekara arba'in, wanda ya rufe rumfarsa a Kasuwar Monday ya zo, yana lissafin cinikin da yake asara. Shi ba ya tsoron bulala, ba ya jiran maki. In bai ga amfanin zaman ba, bayan Azahar ba zai dawo ba. Don haka idan malamar ta taɓa koya wa abokan aikinta shigar da maki a Excel, ko ta kula da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da suka zo koyon aikin koyarwa, ko ta jagoranci bitar masu sa ido a jarrabawar WAEC ko NECO a makarantarsu, wannan shi zai hau sama a wasiƙar.

Sai rubutun kansa. Galibi da Turanci ake yinsa, shafi ɗaya, sakin layi huɗu. Na farko ya faɗi sunan aikin kamar yadda yake a sanarwa, da lambarsa in akwai, sannan ya faɗi gaskiyar daga ina aka fito. Ma'anar abin da malamar za ta rubuta ita ce: “Ina neman aikin jami'in horarwa da kuka sanar. Na shekara tara ina koyar da lissafi a Maiduguri, kuma a shekaru uku na ƙarshe ni ce nake horar da malaman sashenmu.” Ba ta nemi afuwar kasancewarta malama ba, ba ta kuma ɓoye ba.

Sakin layi na biyu da na uku su ɗauki ayyuka uku mafi muhimmanci, kowanne da hujjarsa, da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su. Maimakon ta ce tana da ƙwarewar koyarwa, sai ta ce: “Kun nemi wanda zai gano rauni ya shirya horo a kai. Na lura malamai 14 a makarantarmu suna kuskure wajen tara maki, na shirya musu zama uku na awa bibbiyu, kuma a zangon da ya biyo baya takardun sakamako biyu kacal aka dawo da su don gyara.” Adadin da za a sa dole ya zama wanda shugaban makaranta zai iya tabbatarwa idan aka buga masa waya. Wanda ba shi da adadi ya bayyana abin da ya canza a fili, kada ya ƙirƙira.

Batun harshe kuwa, a Borno jari ne babba. Wadda za ta iya bayyana wa wakili yadda ake mayar da kuɗin da ya maƙale da Kanuri, ta juya ta maimaita da Hausa, ta rubuta rahoto da Turanci, ta faɗi hakan ƙarara, ta kuma bambance harshen da take iya koyarwa da shi da wanda gaisuwa kawai take yi.

Akwai abin da za a nema wanda ba ta da shi. Ba ta taɓa aiki a banki ba. Jimla ɗaya ko biyu sun isa: ta amince da hakan, ta faɗi matakin da ta riga ta ɗauka, misali ta zauna da masu POS na unguwarsu ta rubuta matsalolin da suka fi kawo ƙorafi. Rajistarta da hukumar TRCN ta tafi cikin takardar tarihin aiki. Abin da zai fi jan hankali shi ne nuna sanin asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971. Kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin shekara, kuma suna iya karɓo wani ɓangare idan suka nuna shaidar horon da suka yi. Malamar da ta saba riƙe rajista da adana takardu tana da abin faɗa a nan.

Kukan ƙarancin albashi ko cunkoson aji ba shi da gurbi a wasiƙar, ko da gaskiya ne. Dalilin sauya sheƙa ya fito daga aikin da ake nema.

Kafin a tura, a ajiye wasiƙar gefen sanarwar, a bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Duk jimlar da ba ta amsa wani aiki ba a soke ta. In kuma za a iya canza sunan bankin a sa na wata ƙungiyar agaji ba tare da an taɓa komai ba, to ba a ɗaure ta da sanarwar ba tukuna. A mayar da ita PDF, a sa wa fayil ɗin cikakken suna, a rubuta kan saƙon daidai yadda sanarwar ta umarta, a kuma tura da kwana biyu ko uku a hannu saboda halin wuta da sabis.