Cike farashi zuwa hamsin-hamsin a Excel

Masu shagon ƙwai da abincin kaji, rashin canji ne ke sa mu cike farashi zuwa hamsin-hamsin. A ce kiret ɗin ƙwai, har da ribarka, ya kama naira 4,320, ka rubuta a B2.

```
=CEILING(B2,50)
=MROUND(B2,50)
```

Na farko zai ba ka 4,350, domin kullum sama yake turawa. Na biyu kuwa hamsin ɗin da ta fi kusa yake bi, sai ya sauko 4,300. Naira 20 ta fita daga ribarka ke nan. A kiret ɗari, dubu biyu ce fa! Sai kuɗin ya kai 4,325 kafin MROUND ya hau.

Saboda haka CEILING za ka ɗora wa farashin sayarwa. In ka ga sabon farashi ya gaza na B2, duba, MROUND ka sa.